Yadda Ake Tantance Shawarar Zuba Jari Kafin a Saki Ko Sisi

Tambayar da ake yawan yi mini ba ta wuce wannan: wani mai ɗimbin mabiya a kafafen sada zumunta ya ce a zuba kuɗi a wuri kaza, abokina ma ya shiga har ya fara cin riba, to ni in shiga ko in bari? Ba zan iya amsa wa kowa da sunan harkar da aka kawo masa ba, domin sunayen kullum sauyawa suke yi. Abin da ba ya sauyawa shi ne hanyar bincike, kuma ita zan shimfiɗa a nan daki-daki. Gaba ɗayanta a kan tambaya biyu take tsaye: daga ina ribar take fitowa, kuma wa zai amfana idan ka saka kuɗinka?

Kayan aikin ba su da yawa. Takarda da biro, na'urar lissafi ta cikin wayarka, intanet, da kwana bakwai na haƙuri. In kuɗin da za ka saka masu kauri ne, ka ƙara da ladan zama ɗaya da mai ba da shawara kan harkar kuɗi wanda yake da lasisi, kuma wanda ba ya karɓar kamasho daga abin da ake tallata maka.

Domin maganar ta zauna sosai, za mu riƙe misali guda har ƙarshe. A ce abokinka ya turo maka bidiyon wani mai mabiya da yawa, yana tallar wani dandali da ke cewa yana da manhaja mai saye da sayar da kuɗin kirifto da kanta. Alƙawarin shi ne ribar kashi 1 cikin 100 a kowace rana. Duk wanda ya kawo sabon mutum ana ba shi kashi 10 cikin 100 na abin da mutumin ya zuba. Abokin naka ya saka dala 1,000 wata biyu da suka wuce, yana kuma roƙonka ka yi rajista ta mahaɗin da ya turo maka kafin ranar Juma'a.

Mataki na 1: Rubuta maganar a takarda, ka ɗaga ranar yanke shawara

Kashe bidiyon tukuna. Murya, kiɗa, mota mai tsada da fara'ar mai magana duk an shirya su ne domin su hana ka lissafi. Ɗauki biro ka rubuta amsar abubuwa biyar da kalmominka: mene ne ainihin abin da zan saya, wa zan miƙa wa kuɗina, nawa aka ce zan samu, a cikin wane lokaci, kuma ta yaya zan karɓo kuɗina idan na so fita.

Mutane da yawa a nan suke gane cewa ba su san abin da ake sayar musu ba. A misalinmu, da ka zo tambaya ta farko za ka tsaya cak. Ba hannun jarin kamfani kake saya ba, ba kuɗin kirifton kake riƙe da kanka ba, ba kuma bashi ka ba wani da takardar yarjejeniya ba. Kuɗi kawai kake tura wa mutanen da ba ka sani ba, su kuma su nuna maka lamba a fuskar waya. Rubuta hakan yadda yake, kada ka ƙawata shi.

Daga nan sai ka sa wa kanka wa'adin mako guda kafin ka ce e ko a'a.

Hattara: wa'adin Juma'a da aka ba ka, shi kansa shaida ce a kan harkar. Hannun jarin kamfanin kirki yana nan a kasuwa mako mai zuwa, da wata mai zuwa. Inda ake cewa gurbi ya kusa cika, ko garaɓasar za ta ƙare yau da tsakar dare, ana tsoron abin da za ka gano ne idan ka samu lokacin tunani.

Mataki na 2: Gano abin da mai shawarar zai samu

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, domin mutum yana jin nauyin zargin wanda yake so. Amma ba zargi ba ne, bin sawun kuɗi ne. Mai tallar jari a kafafen sada zumunta yakan samu kuɗi ta ɗaya daga hanyoyi huɗu, wani lokaci ma ya haɗa biyu ko uku.

Ta farko, an biya shi kuɗin talla kai tsaye. A shekarar 2022 hukumar kula da kasuwar hannayen jari ta Amurka, wato SEC, ta tuhumi tauraruwar talabijin Kim Kardashian da tallata kuɗin kirifto na EthereumMax a Instagram ba tare da ta bayyana cewa an biya ta dala 250,000 ba. Ta amince ta biya dala miliyan 1.26 aka rufe maganar. Wanda ya ga saƙonta a lokacin bai san adadin da ke bayan murmushin ba.

Ta biyu, yana karɓar kamasho a kan kowane mutum da ya shiga ta mahaɗinsa ko lambarsa. Wannan ita ce ta misalinmu, kuma tana da sauƙin ganewa: duba ƙarshen mahaɗin da aka turo maka, sau da yawa za ka ga `ref=` ko `invite` da wasu lambobi ko sunan mutumin. Irin wannan mai talla yana cin kuɗinsa a ranar da ka zuba naka. Ko ka ci riba ko ka tafka asara, nasa ya riga ya shiga aljihu.

Ta uku ta fi wuyar gani, kuma ta fi cutarwa. Mutumin ya riga ya sayi abin da araha, sai ya zuga mabiyansa su saya, farashi ya tashi, shi kuma ya sayar musu a ɓoye yana ci gaba da ce musu su riƙe. A watan Disamba na 2022 SEC ta gurfanar da mutum takwas masu mabiya a Twitter da Discord bisa zargin wannan salon, a harkar da ta ce ta kai kimanin dala miliyan 100. Salon ya fi tasiri a kan hannun jarin ƙananan kamfanoni da sababbin kuɗaɗen kirifto, inda masu saye da sayarwa ba su da yawa, har 'yan dubban mabiya za su iya ɗaga farashi a yini guda.

Ta huɗu, shawarar ƙugiya ce kawai, ainihin hajarsa kwas ne ko zauren sirri da ake biyan kuɗin shiga duk wata. Tambayi kanka: wanda yake da dabarar ninka kuɗi da gaske, me zai sa ya ɓata lokacinsa yana bin mutane su biya shi kuɗin wata?

Yadda za ka bincika shi ne ka karanta rubutun da ke ƙarƙashin bidiyon har ƙarshe, ka nemi alamar talla, ka kuma duba ko wasu masu mabiya sun fara yabon abu guda a mako guda da kalmomi masu kama da juna. Idan haka ne, kamfe ne aka biya.

Hattara: samun kamasho ba ya nufin abin ƙarya ne, dillalan gaskiya ma suna cin la'ada. Abin da yake nufi shi ne ka sauke maganar mutumin daga matsayin shawara zuwa matsayin talla, ka nemi hujja daga wani wuri dabam.

Mataki na 3: Mayar da ribar zuwa lissafin shekara

Ana faɗin riba da rana ko da mako ne domin ta yi kama da ƙarama mai yiwuwa. Kashi 1 cikin 100 a rana ba ya tayar da hankalin kowa. To buɗe na'urar lissafi ka buga wannan, wato 1.01 a ninka shi da kansa har sau 365:

```
1.01 ^ 365 = 37.8
```

Ma'ana, in ana mayar da ribar cikin uwar kuɗi kullum, kamar yadda irin waɗannan dandali suke kwaɗaita wa mutane su yi, dala 1,000 za ta zama kusan dala 37,800 a shekara guda. A shekara ta biyu ta haura dala miliyan 1.4. A ta uku ta wuce miliyan 50. Ko da ba a mayar da ribar ciki ba, kashi 365 cikin 100 ne a shekara.

Yanzu sai ka samo ma'auni. Manyan kamfanoni 500 na Amurka da ake haɗawa a ma'aunin S&P 500 sun ba da kimanin kashi 10 cikin 100 a shekara idan aka ɗauki matsakaicin shekaru masu yawa, kuma a ciki akwai shekarun asara mai zafi, irin 2008 da darajar ta faɗi da fiye da kashi ɗaya bisa uku. Warren Buffett, wanda duniya ke kafa misali da shi a wannan fage, abin da kamfaninsa ya samu a tsawon fiye da shekara hamsin bai wuce kimanin kashi 20 cikin 100 a shekara ba. Saboda haka wanda ya ce zai ba ka kashi 1 a rana, yana cewa ne ya ninka Buffett sau goma sha takwas ko fiye, kuma duk da haka yana buƙatar dalarka 1,000.

Ga ƙa'idar da nake amfani da ita. Nemo ribar da takardun lamunin gwamnati ko ajiyar banki mai wa'adi suke bayarwa a kuɗin da za ka zuba. Wannan shi ne farashin kuɗi inda haɗari ya fi ƙanƙanta. Duk abin da aka yi maka alƙawari sama da shi, ladan wani haɗari ne da za ka ɗauka. In mai tallar ba zai iya faɗa maka sunan haɗarin ba, ko ya ce babu haɗari sam, to ko dai bai san abin da yake sayarwa ba, ko yana ɓoye maka.

Hattara: ba riba mai yawa kaɗai ke nuna matsala ba, riba marar tangarɗa ma tana nunawa. Bernie Madoff, wani mai juya kuɗin masu zuba jari a Amurka, bai yi wa mutane alƙawarin ninki goma ba. Ribarsa matsakaiciya ce, sai dai kusan ba ta taɓa faɗuwa ko kasuwa ta hau ko ta sauka, har asirinsa ya tonu a Disamba 2008 aka gane kuɗin sababbi yake biyan tsofaffi da su. Kasuwa ta gaskiya tana da wata mai kyau da wata marar kyau.

Mataki na 4: Bi sawun ribar har tushenta

Kowace riba ta halak tana da wanda ya biya ta. A hannun jari, kwastomomin kamfanin ne da suka sayi kayansa. A gidan haya, ɗan haya ne. A lamuni, wanda ya ci bashin ne. Ka tambayi abokinka, ko wakilin dandalin: wane ne yake biyan wannan kashi 1 ɗin, kuma me ya samu da har ya yarda ya biya?

A misalinmu za a ce maka manhajar ce take cin riba a kasuwa. Sai ka nemi abu uku: rahoton kuɗi na shekara wanda wani kamfanin binciken asusu mai zaman kansa ya sa wa hannu, sunan kasuwar da ake yin cinikin a cikinta, da sunan bankin ko ma'ajin da ke riƙe da kuɗin masu zuba jari. Yawanci amsar da za ka samu ita ce sirrin kamfani ne. Wani dandalin kirifto mai suna BitConnect ma haka ya riƙa cewa yana da manhajar ciniki mai ba da kimanin kashi 1 a rana, masu bidiyo a YouTube suka yi ta tallarsa suna karɓar kamasho. Ya rufe a Janairu 2018, darajar kuɗinsa ta zube da fiye da kashi 90 cikin 100, daga baya kuma hukumomin Amurka suka gurfanar da wanda ya kafa shi da wasu daga cikin masu tallar.

Yi wannan ɗan lissafin ka ga yadda abin yake tafiya in babu wani ciniki a ƙasa. Ka zuba dala 1,000. Nan take an cire 100 an ba wanda ya kawo ka, saura 900. Ana rubuta maka dala 10 kullum. Ko da kana cire ribar kowace rana, za a iya biyanka da kuɗinka na kanka har kwana 90 ba tare da an sayi ko an sayar da komai ba. Da yake kuma yawancin mutane ba sa cirewa, suna barin lambar ta yi ta girma a waya, kuma sababbi suna ta shigowa, harkar za ta iya kai shekara ko fiye tana biya a kan kari. Ranar da masu cirewa suka fi masu zubawa, sai ka ji ana gyaran na'ura, ko an yi musu kutse, ko gwamnati ce ta riƙe asusunsu.

Gwaji mai sauƙi shi ne: da a ce daga yau ba wanda zai sake shiga, harkar za ta ci gaba da biya? In amsar a'a ce, ka gama bincike, ba sai ka je mataki na gaba ba.

Mataki na 5: Duba lasisi a wurin hukuma, ba a wurin kamfanin ba

Kusan kowace ƙasa tana da hukumar da ke sa ido a kan kasuwar jari, kuma galibinsu suna wallafa jerin kamfanonin da suka ba lasisi da jerin waɗanda suka yi gargaɗi a kansu. Buga adireshin hukumar ƙasarka da hannunka, kada ka bi mahaɗin da kamfanin ya ba ka. Nemi sunan kamfanin a jerin biyu. Ƙungiyar irin waɗannan hukumomi ta duniya, IOSCO, ita ma tana tattara gargaɗin da ƙasashe daban-daban suka fitar, ka leƙa can idan kamfanin ya ce a wata ƙasa yake.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne ruɗa rajistar kamfani da lasisin karɓar jarin jama'a. Takardar rajista tana nuna cewa an kafa kamfani mai wannan suna ne kawai, kuma samunta ba wuya. Izinin karɓar kuɗin mutane a juya musu wani abu ne dabam, daga wata hukuma dabam. 'Yan damfara suna son liƙa takardar farko a shafinsu da babban hatimi, domin sun san ba kowa ya san bambancin ba.

In ka samu sunan a jerin masu lasisi, kada ka tsaya nan. Kwatanta adireshin intanet da lambar waya da ke wurin hukuma da waɗanda aka ba ka, harafi da harafi, domin akwai masu aron sunan kamfanin gaskiya su buɗe shafi mai kama da nasa. Sannan ka sa adireshin dandalin a kowane shafin binciken `WHOIS` ka ga ranar da aka yi masa rajista. Kamfanin da ya ce ya shekara goma yana aiki amma adireshinsa bai cika wata biyar ba, akwai bayanin da ya kamata ya yi. A ƙarshe ka buga sunan a injin bincike tare da `scam` ko `withdrawal problem`, ka karanta koken waɗanda suka riga ka.

Hattara: in aka ce ka tura kuɗin zuwa asusun wani mutum da sunansa, ko zuwa lalitar kirifto da ba a san mai ita ba, ka tsaya. Kuɗin kirifto in ya tafi ba a juyo da shi. Haka kuma lasisi ba ya hana asara, kuma ba ya wanke kowa: Madoff yana da rajista da SEC, ya ma taɓa shugabantar kasuwar Nasdaq. Rashin lasisi dalili ne na ƙin shiga, samunsa kuwa izinin ci gaba da bincike ne kawai.

Mataki na 6: Auna hujjar da aka nuna maka

Hoton fuskar waya mai nuna riba ba hujja ba ne. Ana iya sauya lamba a shafi cikin minti guda, kuma manhajojin ciniki da yawa suna da asusun gwaji mai kuɗin bogi wanda hotonsa bai da bambanci sosai da na gaske. Mota, otal da agogo kuwa ana hayarsu na yini.

Tarihin hasashen mutumin ya fi amfani, in ka tattara shi da kanka. Koma baya wata goma sha biyu a shafinsa, ka rubuta duk abin da ya ce a saya, da ranar, da farashin ranar, sannan ka duba farashinsu yau. Ka haɗa har da waɗanda ya daina ambata, domin a nan gaskiyar take. In ka tarar ya goge tsofaffin saƙonni, wannan ma amsa ce.

Ka san kuma cewa ana iya ƙera tarihi mai kyau ba tare da sanin komai ba. Mutum ya tura wa mutane 800 saƙo, rabi ya ce musu farashi zai tashi, rabi ya ce zai sauka. Mako na gaba ya bar waɗanda ya yi wa kuskure, ya raba 400 da suka rage gida biyu ya maimaita. Bayan zagaye biyar akwai mutum 25 da suka ga ya faɗi daidai sau biyar a jere, kuma za su rantse cewa gwani ne. Kafafen sada zumunta suna yin irin wannan tacewar da kansu: cikin dubban masu hasashe, wanda ya dace shi ake ta yaɗawa, waɗanda suka faɗi ba a jin ɗuriyarsu.

Idan shawarar ta shafi cinikin canjin kuɗi ne ko caca a kan farashi da kuɗin aro, ka duba ƙasan shafin dillalin. A Turai doka ta tilasta musu rubuta kason kwastomominsu da suke asara, kuma a 2018 hukumar kula da kasuwar jari ta Tarayyar Turai, wato ESMA, ta bayyana cewa tsakanin kashi 74 zuwa 89 cikin 100 na ƙananan masu irin wannan ciniki asara suke yi.

Mataki na 7: Zauna da abokin

Abokinka ya fi mai bidiyon haɗari a gare ka, ba don mugu ba ne, sai don ka yarda da shi kuma shi ma ya yarda da abin har zuciyarsa. Sau da yawa shi ne mutum na farko da aka cuta, bai dai sani ba tukuna. Kada ka fara da ce masa an damfare shi, zai kare kansa ne kawai ku rabu da ɓacin rai. Tambaye shi lissafi cikin natsuwa.

"Abokina, nawa ka saka gaba ɗaya, kuma nawa ya dawo asusun bankinka?"

"Ai yanzu ina da dala 1,600 a ciki."

"Na ji. Amma wanda ka cire ka riƙe a hannunka fa?"

"Na cire 150 a watan jiya, kuma ya shigo nan take."

To ga matsayinsa na gaskiya: ya ba da 1,000, ya karɓi 150, ana riƙe masa da 850 na guminsa. Dala 600 da yake kira riba rubutu ne a waya. Cire 150 ɗin da ya yi cikin sauƙi ma bai tabbatar da komai ba, domin biyan ƙananan kuɗi da wuri shi ne tallar da ta fi kowace arha a wurin masu irin wannan harka, ita ce take sa mutum ya ƙara zubawa ya kuma jawo danginsa.

Ƙara masa tambaya biyu. Shin ya taɓa gwada cire uwar kuɗin gaba ɗaya? Kuma zai samu wani abu in ka shiga ta hannunsa? In ya ce zai samu dala 100, ba abin faɗa ba ne, amma ku duka biyu kun san yanzu cewa ba shawara zalla yake ba ka ba. In ka yanke ba za ka shiga ba, ka faɗa masa dalilinka sau ɗaya a fili, ka nuna masa lissafin kwana 90 ɗin nan, ka ba shi shawarar ya gwada cire uwar kuɗinsa. Ni a ganina wannan haƙƙin abota ne, ko da zai ji haushi na ɗan lokaci.

Mataki na 8: Duba ƙofar fita da kuɗin da za a yanka

Kafin ka shiga, karanta sharuɗɗan cire kuɗi. Akwai wa'adin da ake kulle uwar kuɗi? Akwai mafi ƙarancin abin da za a iya cirewa? Nawa ake yanka wurin zubawa, wurin cirewa, da kuma duk shekara? A misalinmu ba mamaki ka tarar an kulle uwar kuɗi wata shida, wato ninki biyu na kwana 90 da muka lissafa.

In kuwa abin da aka ce ka saya hannun jari ne ko kuɗin kirifto da ake cinikinsa a kasuwa, ka duba yawan cinikin da ake yi a rana da tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa. Inda ake sayar maka a 100 amma a saya daga hannunka a 92, ka yi asarar kashi 8 tun kafin farashi ya motsa. Duba kuma jadawalin farashi na wata uku. In ya riga ya ninka kafin labarin ya iso gare ka, mai yiwuwa kai ne kasuwar da na farko suke jira su sauke wa kaya. Hannun jarin kamfanin GameStop na Amurka ya kai dala 483 a ranar 28 ga Janairu 2021 saboda zugar intanet, kafin tsakiyar Fabrairu ya dawo kusan dala 50. Kamfanin na gaske ne, kasuwar ma mai lasisi ce, amma wanda ya saya a ƙololuwa ya ga kusan kashi 90 cikin 100 na kuɗinsa sun narke a 'yan makonni.

Mataki na 9: In ya tsallake duka, yanke adadi

Misalinmu ya faɗi tun a mataki na uku da na huɗu. Amma wata shawarar za ta tsallake, domin ba duk abin da aka faɗa a intanet ne ƙarya ba. A nan sai ka saya ta hannun dillali mai lasisi da ka zaɓa da kanka, ba ta mahaɗin mai talla ba. Kada ka taɓa kuɗin haya, na makarantar yara, na magani, ko ajiyar ko-ta-kwana, kuma kada ka ci bashi. Ga abin da ka ji daga bakin wani, ni ba na ganin ya dace ya wuce kashi 5 cikin 100 na abin da ka ware domin jari. Ka tuna cewa in abu ya faɗi da rabi, sai ya ninka kafin ka dawo inda ka fara. Rubuta dalilin sayenka da farashin da za ka fita tun yanzu, kafin kuɗin su shiga.

In ka riga ka saka kafin ka karanta wannan

Daina ƙarawa, ka daina kawo mutane. Nemi cire duk abin da za a iya cirewa yau, ka adana hotunan hirarku, rasit ɗin turawa da adireshin da ka tura wa kuɗi. In aka ce sai ka biya haraji ko kuɗin buɗe asusu kafin a sakar maka kuɗinka, kada ka biya, kamfanin gaskiya daga cikin kuɗin yake cire cajinsa. Sanar da bankinka da gaggawa, domin wani lokaci ana iya tsayar da turawar da ba ta daɗe ba, sannan ka kai ƙara ga hukumar kasuwar jari da 'yan sanda. Bayan haka ka sa ran wani zai tuntuɓe ka ya ce shi lauya ne ko ƙwararren kwamfuta mai ƙwato kuɗin da aka sace, in ka ba shi kafin alƙalami. Sunayen waɗanda aka cuta suna yawo a hannun 'yan damfara, kuma sau da yawa mutanen farko ne suka dawo da sabon suna, saboda haka kada ka tura masa komai, ka haɗa lambarsa cikin ƙarar da ka kai.